Idan Allo Ya Ce Ɗaya, Bayanin Ƙasa Ya Ce Wani

A PowerPoint kowane shafi yana da fuska biyu: rubutun da jama'a ke gani a allo, da bayanin da mai jawabi ya ajiye wa kansa a ƙasa, a akwatin Notes. Wanda aka ɗora wa taƙaita jawabi yakan tarar sun saɓa.

A ce wata ƙungiya ta gina rijiyoyin burtsatse. Allo ya ce guda 40, bayanin ƙasa ya ce 34. Kada a yi saurin ɗaukar na allo don shi aka rubuta da manyan baƙaƙe. A fara tambayar ko abu ɗaya suke ƙirgawa, domin sau da yawa 40 ɗin waɗanda aka haƙa ne, 34 kuma waɗanda ke ba da ruwa. Kowanne gaskiya ne, sai taƙaitawar ta ambaci duka biyun da ma'anarsu.

In kuwa abu ɗaya ne, to ɗaya ya tsufa. Kwafin shafi yana tafiya da bayaninsa, shi ya sa ake gyara allo a manta da na ƙasa. Alamar ita ce kwanan wata ko sunan unguwa na bara da ya maƙale a ciki. A duba jadawalin ƙarshe, in garuruwa sun haɗu sun ba da 40, allo ne sabo.

Abin da na fi ƙi shi ne a raba tsakiya a rubuta “kimanin 37”, adadin da ba wanda ya faɗa. In lissafi bai raba gardama ba, a kira mai jawabin, a faɗa masa lambar shafin da adadin biyu.