Sidi 450 da suka maƙale tsakanin Yendi da Accra

Ɗauki misalin wata tela a kasuwar Yendi da ta yi odar zare da yadi na sidi 450 daga wani shagon intanet a Accra. Ta zaɓi biya da MoMo, ta zuba wa waya ido tana jiran saƙon da zai nemi lambar sirrinta. Shiru. Sai ta yi abin da kowa ya saba: ta danna *170#, ta shiga My Wallet, ta gangara My Approvals, ta tarar da buƙatar tana jira, ta amince. Kuɗi suka fita. Da ta koma shafin shagon, sai ga jan rubutu wai biya bai yiwu ba.

Ba aljani ne ya ɗauke su ba. Hannu uku ke cikin cinikin: asusun wayarta, kamfanin da ke karɓar kuɗi a madadin shaguna, irin su Hubtel ko Paystack, sannan shagon kansa. Shafin shago yana da iyakar lokacin da yake jiran tabbaci. Idan amincewar ta zo bayan ya gaji ya rufe odar, kuɗin sun tafi, labarinsu ne bai iso ba. Galibi suna hannun ɗan tsakiyar nan, ko dai a danganta su da odar, ko a mayar wa mai su.

Kuskuren da ya fi tsada a nan shi ne sake biya nan take, don sai a wayi gari ana bin sawun 900.

Bin sawu yana farawa ne daga saƙon cire kuɗin. A ciki akwai Transaction ID, da sunan wanda ya karɓa, da ragowar kuɗi. Sunan nan yakan rikita mutane, domin wani lokaci na ɗan tsakiya ne yake fitowa maimakon na shago. Idan saƙon bai shigo ba, Mini Statement zai nuna ko an cire da gaske. Telar za ta haɗa wannan lamba da lambar oda, adadin kuɗi da lokacin biya, ta tura wa shagon su duba a wurin mai karɓar musu kuɗi. Hoton jan rubutu kaɗai ba ya gano komai.

In shago ya ce bai gani ba, sai ta kira 100, layin MTN, ta kuma nace a ba ta lambar ƙorafi. Ƙa'idar Babban Bankin Ghana ta 2017 ta ba kamfanonin kuɗi kwanakin aiki 20 su warware ƙorafi, kuma wanda bai gamsu ba yana iya kai maganar gaban bankin.

A kwanakin jiran nan ne 'yan damfara ke samun shiga, su bugo waya wai za su mayar da kuɗi in an faɗa musu lambar sirri. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ta, don shigowa suke yi.