"Duba", "kira" ko "saya": wace kalma ce ke kawo ciniki?

Mai atamfa a Kantin Kwari ba ya tarar mai wucewa da "kawo kuɗi". Cewa yake, "Hajiya, ƙaraso ki duba." In ta taɓa turmin, ya ce, "Taya mana." Zancen biya sai an sallama. Shagon intanet ba shi da bakin yin wannan lallami, duk aikin yana kan kalma ɗaya ko biyu da aka rubuta a maɓalli.

A 2009 wani mai bincike ɗan Amurka, Jared Spool, ya ba da labarin wani babban shagon intanet da bai ambaci sunansa ba. Mutum zai gama zaɓen kaya, ya zo biya, sai ya ci karo da maɓallin "Register", wato ya yi rajista tukuna. Sababbin masu saye suka riƙa juyawa, don saye suka zo yi, ba ƙulla zumunci ba. Tsofaffin kuma da yawa sun manta kalmar sirrinsu. Aka sauya maɓallin zuwa "Continue", wato ci gaba, aka ƙara bayanin cewa rajista ba dole ba ce. Masu kammala saye suka ƙaru da kashi 45 cikin 100, abin da ya kawo ƙarin dala miliyan 300 a shekarar farko. A lura, ba kalmar kaɗai aka canza ba, har da sharaɗin da ke bayanta. "Yi rajista" aiki take ɗora wa mutum, "ci gaba" kuwa hanya take buɗe masa.

Amazon na jera maɓalli biyu a shafin kaya. "Add to Cart" na mai wasiwasi ne, domin abin da aka zuba a kwando ana iya fitar da shi. "Buy Now" na wanda ya riga ya yanke shawara ne.

Kira yana da nasa gurbin. A Jiji, inda ake cinikin mota da waya na hannu, maɓallin "Show contact" lambar mai kaya yake nunawa, saboda babu mai tura miliyoyi bai ji murya ba, bai ga kaya ba. Haka mai sayar da leshi ta WhatsApp: "aiko saƙo ki ga sauran kaloli" ya fi dacewa da baƙuwa, "saya yanzu" kuma da tsohuwar kwastoma.

Sai dai kalma mai taushi tana iya ruɗin mai shago. "Duba" kan tara 'yan kallo, a yi ta latsawa aljihu shiru. Mai son tantancewa sai ya raba masu shigowa gida biyu a lokaci guda, kaya ɗaya, farashi ɗaya, hoto ɗaya, kalmar maɓallin kawai ta bambanta. Bayan mako biyu ko fiye, ya ƙirga waɗanda suka biya a kowane ɓangare, ba waɗanda suka latsa ba.