Fassarar da ke ƙasan allo: agogo ne alƙali, ba ƙamus ba

An daɗe ana yi wa finafinanmu na Hausa dariya a kan Turancin da ake rubutawa a ƙasan allo. Ɗalibai kan ɗauki hoton wata jimla da aka karya wa ƙafa, su yi ta yawo da ita a wayoyinsu. Ba na musun cewa akwai abin gyara a nan. Amma a nawa ganin, kuskuren nahawu ba shi ne babban ciwon ba. Jimlar da aka rubuta da gurɓataccen Turanci mai kallo kan iya lalubo ma'anarta. Wadda kuwa aka rubuta da Turancin farfesa, amma ta ɓace kafin ido ya kai ƙarshenta, ba ta isar da komai ba. Mai fassara littafi yana da takarda iya son ransa. Mai fassara fim kuwa an riga an yanka masa fili, domin an gama tace hoto, kuma bakin mai magana ba zai jira shi ba.

Masu wannan sana'a suna da ma'auni, kuma ba sirri ba ne. A ƙa'idojin da kamfanin Netflix ya wallafa wa masu yi masa fassara, rubutu ba ya wuce layi biyu a lokaci guda, layi ɗaya ba ya wuce harafi 42 a harsuna irin su Turanci da Faransanci, kuma rubutun ba ya zama a allo fiye da daƙiƙa 7. Ana lissafa saurin karatu da yawan haruffan da ido zai ɗauka a daƙiƙa guda, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ga manya masu kallo da Turanci, iyakarsu harafi 20 ne. Gidajen talabijin na Turai sun daɗe suna bin abin da ya fi wannan sauƙi, wato cikakkun layuka biyu su samu daƙiƙa 6, abin da ya kama kimanin harafi 12 a daƙiƙa. To amma waɗanda aka auna aka samu waɗannan alƙaluma mutane ne da ke karanta harshen uwarsu. Bayarabe ko Ibo da ke kallon fim ɗin Hausa a tashar Africa Magic Hausa yana karanta Turanci ne a matsayin harshe na biyu, wani ma a ƙaramin allon waya. Shi ya sa nake ba ɗalibaina shawarar kada su haura harafi 15.

Bari in kawo misali daga unguwarmu, Ƙofar Kuyambana a cikin birnin Zariya. Wasu samari sun haɗa ɗan gajeren fim na minti 12 a kan ƙofar da ragowar ganuwar da ke kusa da ita, suna so su aika da shi wani bikin baje kolin finafinai, wanda ya shar'anta rubutun Turanci da na Faransanci. Suna kuma son Larabci, da muryar Fulatanci saboda waɗanda ba su karatun boko. Suka kawo mini in duba. A minti na uku akwai wani dattijo zaune a gindin bango, yana faɗin abin da ya ji daga kakanninsa: "In magariba ta yi, ƙofar nan rufe ta ake, ko ɗan wane ne kai sai ka kwana a waje." Ya faɗi wannan cikin daƙiƙa 5 cif.

Yaron da ya fassara ya iya Turanci, kuma ya riƙe amana. Bai bar ko kalma ɗaya ba, har ya bayyana cewa magariba lokacin sallar faɗuwar rana ce. Da muka ƙirga, jimlarsa ta kai harafi 142. A raba 142 gida biyar, za a samu harafi 28 a kowace daƙiƙa, kusan ninki biyu na abin da mai kallo zai iya. Daƙiƙa 5 sau 15 kuwa harafi 75 ne kacal, kuma wannan shi ne jarin da muke da shi. Sai muka zauna muna tambayar kanmu me dattijon nan yake son a ji. Abu biyu ne: ana rufe ƙofa da faɗuwar rana, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa. "Ƙofar nan" ma mai kallo yana ganinta a bayansa. Ga abin da muka tsayar, a irin fayil ɗin da ake kira SRT, wanda ke ɗauke da lamba da lokacin shiga da lokacin fita:

```
31
00:03:10,000 --> 00:03:15,000
At sunset this gate was shut.
Whoever you were, you slept outside.
```

Harafi 65 ke nan, wato 13 a daƙiƙa. A lura da inda aka karya layin. An karya shi ne a inda dattijon ya numfasa, kowane layi da cikakkiyar ma'anarsa. Da an raba suna da sifarsa, ko aikatau da abin da ya faɗa wa, ido zai koma baya ya sake karantawa, kuma wannan komawar daga cikin daƙiƙa biyar ɗin za a cire ta.

An yi hasara? An yi. "Ɗan wane" yana ɗauke da nauyin sarauta da gado wanda Turancin bai ɗauko ba, magariba kuma ta koma faɗuwar rana kawai, babu sallah a ciki. Amma muryar dattijon tana nan, da yadda ya ɗaga yatsa, kuma mai kallo ya samu sararin ɗaga ido ya gan shi. Haka gaisuwa. A farkon hirar an shafe daƙiƙa 20 ana ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya muka ji da zafi. Yaron ya yi mata rubutu tara. Muka mayar da su biyu, domin wanda ya ga mutum ya durƙusa gaban babba ba ya buƙatar a rubuta masa cewa gaisuwa ake yi.

Inda aikin harsuna da yawa yake rikicewa shi ne a ɗauka cewa lokacin da aka yanka wa harshe ɗaya zai yi wa saura. Daidai ne a yi aikin sa lokaci sau ɗaya, daga maganar Hausa ta asali, a miƙa wa kowane mai fassara. Lokacin shiga ba ya canzawa, tunda da buɗe bakin mai magana yake tafiya. Lokacin fita kuwa dole a bar shi a hannun mai fassara. Faransanci ya fi Turanci jan zare, kuma duk matsewar da aka yi wa jimlar nan, harafi 77 ta tsaya, ta ɗan haura ma'auninmu. Allah ya sa dattijon ya yi shiru bayan maganar kuma hoto bai sauya ba, sai aka ƙara rabin daƙiƙa, saurin ya sauko zuwa 14. Da hoton ya yanke zuwa wani wuri, da ba mu ƙara ba, domin rubutun da ya tsallaka sauyin hoto ido kan ɗauka sabo ne, ya fara shi daga farko. Larabci kuma nasa daban ne. Ba a rubuta gajerun wasulansa, don haka ƙirgen haruffa kan nuna layin ya fi sauƙi fiye da yadda yake, kuma a wasu manhajojin aya kan tsallake ta koma farkon layi. Akwai kuskure ɗaya da ya fi waɗannan duka: a ba mai Faransanci ko mai Larabci Turancin da aka riga aka taƙaita, shi ma ya taƙaita. Sai a wayi gari an tace kunu sau biyu. A ba shi cikakken rubutun Hausar, da bayanin karin magana da kirari a gefe.

Wani ciwon na na'ura ne, kuma gane shi ba wuya. Idan rubutu yana riga magana fitowa da daƙiƙa biyu a farkon fim, a ƙarshensa ma daƙiƙa biyu, an ƙara wani abu ne a gaba, kamar tambarin kamfani, kuma matsar da lokutan gaba ɗaya a manhaja irin Subtitle Edit zai gyara. Idan kuwa farko daidai ne, amma tazarar tana ƙaruwa, to saurin hoton aka taɓa. Silima tana gudu da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuma 25. Fim ɗin minti 12 da aka ɗauka a 24 aka kunna a 25 zai gajarce da kusan daƙiƙa 29, kuma kafin a kai ƙarshe rubutun wani yana fita a bakin wani. Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Idan ba a adana fayil a tsarin UTF-8 ba, ƙ da ɗ da ɓ kan koma alamar tambaya.

Ɗora murya wata sana'a ce dabam, ko da yake mu duka "fassara" muke ce musu. Masu kallon finafinan Indiya da kamfanoni irin su Algaita suke juyawa zuwa Hausa sun san daɗinta: ba a buƙatar iya karatu. A can Indiya abin ya zama ruwan dare, fim ɗin Baahubali na 2015 da Telugu da Tamil aka yi shi, aka ɗora masa muryar Hindi da Malayalam. A nan ba haruffa ake ƙirgawa ba, gaɓoɓin furuci ake ƙirgawa. Jimlar dattijon nan gaɓa 28 ce cikin daƙiƙa 5, don haka Fulatancin da zai hau kanta dole ya kusanci haka, ya kuma numfasa inda ya numfasa. In fuskarsa ta cika allo, akwai ƙarin sharaɗi: a "magariba" leɓɓansa sun haɗu sau biyu, a "ma" da "ba", kuma in muryar da aka ɗora ta buɗe baki a daidai wurin, ko yaro zai gane ba shi ke magana ba.

Samarin nan sun haɗu da katanga a wannan mataki. Editansu ya haɗe magana da kiɗa da ƙarar titi a layin sauti guda, ya kuma goge kayan aikin saboda ƙarancin wuri a kwamfuta. Cire muryar dattijon na nufin cire kukan babura da kiran sallar da ke tashi daga nesa. Wannan ne dalilin da ya sa a wasu finafinan fassara za ka ji duniya ta yi tsit da zarar an fara magana, ta dawo in an gama. Hoton ma da ƙyar aka samu kwafin da ba a manne masa Turanci ba, wanda in babu shi sai dai a rufe rubutu da baƙin ƙyalle a ɗora wani.

Saboda haka muka haƙura da daidaita leɓe, muka bi hanyar masu labarai. Dattijon yana fara magana da cikakkiyar muryarsa, bayan kamar daƙiƙa ɗaya a rage ta ƙasa, mai Fulatanci ya shigo, ya kuma gama kafin shi, don a ji ƙarshen Hausar. Wannan ya rage filin daga daƙiƙa 5 zuwa uku da rabi, wato gaɓa 20 ko ƙasa da haka. Sau huɗu mai fassarar, wata ɗaliba 'yar Adamawa, tana sake jimlar, tana karantawa da agogon waya a hannu, kafin ta shiga ba tare da ta yi gudu ba.