Zaren tsoka da yadda cutar Duchenne ke sauya kamanninsa

Tsokar da ke motsa ƙashi damin zaruruwa ce, kamar igiyar rama. Kowane zare ƙwayar halitta ce guda mai tsawo, kaurinta bai wuce na gashin kai ba. Idan aka yanka tsoka mai lafiya a gicciye aka duba ta a madubin likita, zaruruwan kan bayyana da kusurwoyi, girmansu kusan ɗaya, sun matsu da juna babu fili a tsakani. Kowane zare yana da cibiyoyi da yawa, waɗanda masana ke kira nukiliya, kuma duk a gefe suke jere, dab da fatar da ta lulluɓe shi.

Zaruruwan iri biyu ne manya. Nau'i na 1 ja ne, saboda yana cike da mayogulobin, sinadarin da ke riƙe iskar oksijin. Yana aiki a hankali amma ba ya saurin gajiya, shi ya sa ya yi yawa a tsokokin da ke riƙe mutum a tsaye. Nau'i na 2 ya fi haske, yana ƙona sukarin da ya tara, yana ba da ƙarfi nan take, sai dai ya gaji da wuri. Naman kaza ya isa misali: cinya, wadda ke yini tana tafiya, ta fi duhu, ƙirji kuwa fari ne don fiffike ba ya aiki sai lokacin firgita.

A jikin mutum nau'o'in biyu a cakuɗe suke cikin tsoka ɗaya. Don a bambanta su, akan ciro ɗan guntun tsoka, yawanci daga cinya, a daskarar da shi, a yanka shi siriri, a sa masa rini na musamman. Wani nau'in ya yi duhu, wani ya yi haske, sai hoton ya fito kamar tabarma mai launi biyu. Jijiyar da ke kai wa zare saƙo ita ke tsayar da nau'insa.

Cutar Duchenne, wadda ta samo suna daga likitan Faransa Guillaume Duchenne na ƙarni na 19, ita ce aka fi gani a yara cikin cututtukan gado masu lalata tsoka. Tushenta rashin wani furotin ne mai suna distirofin, da aka gano a 1987. Aikinsa shi ne ɗaure cikin zare da fatarsa, don kada fatar ta yage yayin motsi. Umarnin haɗa shi yana kan kiromosom X, shi ya sa cutar ta fi kama maza, kimanin ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa.

Idan babu distirofin, kowane motsi yana yi wa fatar zaren ƙananan yaga. Sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki, zaren ya mutu. Ta nan kuma sinadarin kiriyatin kaines ke yoyo zuwa jini, har ya ninka yadda aka saba gani sau goma ko fiye. Da farko tsoka tana gyara kanta da sababbin zaruruwa, amma su ma ba su da distirofin, sai su bi sahun na baya.

Wannan duka yana fitowa a madubi. Zaruruwa sun rasa kusurwoyinsu sun zama kewayayyu, wasu ƙanana ƙwarai, wasu sun kumbura har sun tsage. Ana ganin matattun zaruruwa da ƙwayoyin garkuwar jiki suna cinye su. Cibiyoyi sun bar gefe sun koma tsakiya, alamar zaren da ya sake tsirowa. Zaruruwa masu sauri ne ke fara lalacewa, don haka nau'i na 1 kan rinjaya. Da tafiya ta yi nisa, tabo da kitse su cike gurbin da zaruruwa suka bari.

Wannan ne ya sa sharaɓar yaron kan yi kauri alhali ba ta da ƙarfi. Tsakanin shekara 3 zuwa 5 yakan riƙa faɗuwa, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyi da cinyoyinsa. Ba tare da magani ba, yawanci tafiya kan gagara wajen shekara 12.

Hoton ya sha bamban da na raunin da ke zuwa daga jijiya, irin na shan inna. A can zaruruwan da suka rasa jijiya kan motse su yi tsini, sannan nau'i ɗaya ya taru wuri ɗaya, tsarin tabarma ya ɓace. Rinin da ke kama distirofin kuma yana raba Duchenne da 'yar'uwarta mai sauƙi, cutar Becker: a Duchenne ba ya fitowa a gefen zare, a Becker yana fitowa dishi-dishi ko a yanke-yanke. Yau gwajin ƙwayoyin gado a jini kan tabbatar da cutar, ana ciro tsoka ne idan sakamakonsa bai warware ba.