Ko ka sani? Ciwon hanji biyu masu kama da juna, ɗaya da rauni, ɗaya babu

Ko ka san akwai ciwon ciki da zai hana mutum sakat shekara da shekaru, amma in likita ya zura kyamara ya leƙa hanjin sai ya tarar da shi garau? Shi likitoci ke kira IBS. Hanjin bai ji rauni ba, saƙon da ke kai-komo tsakaninsa da ƙwaƙwalwa ne ya rikice, har iskar da wani ba zai ji ba ta zama murɗa. Wani yakan fara ne bayan gudawar gurɓataccen abinci, damuwa kuma na tayar da shi.

IBD kuwa garkuwar jiki ce ke far wa hanji har ya kumbura ya yi gyambo. Iri biyu ne: mai tsayawa a babban hanji, da cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a 1932, mai iya kama ko'ina daga baki har dubura.

A ce mata biyu sun zo asibiti da gudawar wata huɗu. Ta farko cikinta na kumbura in ta ci wake ko albasa, murɗar na lafawa in ta zaga, tana barcinta lafiya, ba ta rame ba. Ta biyu gudawa na tashin ta tsakar dare, da jini da majina, zaninta ya yi mata yawa, cikin idonta ya yi fari, gwiwoyi na ciwo. IBS ba ya kawo jini, ba ya ramarwa, ba ya sa zazzaɓi. Ta biyun nan sai an gwada jininta, a auna kalfurotektin a bayan gidanta, sinadarin da ke hawa in hanji ya kumbura, sannan a leƙa hanjin a ɗebo ɗan nama a duba.

Ta farko, mai alamun IBS, za a rage mata nau'o'in abincin da ke tara iska na ɗan lokaci, a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a ba ta maganin sassauta murɗa irin su mebeberin. Ta biyu, in an tabbatar IBD ne, sai an kwantar da garkuwar: mesalazin ko firednisolon, in ya ƙi a koma allurai masu ƙarfi, wani lokaci har tiyata. In kumburin ya daɗe ba kulawa, yana ƙara haɗarin kansar hanji.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda a wajenmu duk jini a bayan gida ake cewa basir ne, a shiga shan jiƙo har mutum ya ƙare. Likita ma sai ya yi hattara, domin atuni da tarin fuka na hanji suna kwaikwayon IBD sosai. In aka ba mai ɗayansu firednisolon ba tare da an tantance ba, ƙwayoyin cutar za su samu sarari, hanjin ma yana iya hujewa.