Idan agogon kyamara ya yi ƙarya: gyara lokacin hotuna a dunƙule

Masu ɗaukar hoton biki da kyamara biyu sun san wannan ciwon kai. An zuba hotuna a kwamfuta, an ce ta jera su bisa lokaci, sai ga ɗaurin auren da aka yi da hantsi ya kutsa cikin walimar azahar. Sau da yawa kyamara ɗaya ce aka sayo daga Dubai, agogonta na nan kan lokacin can, wanda ya riga na Najeriya da awa uku.

Kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF, a ciki kyamara ke rubuta lokacin ɗauka a gurbin DateTimeOriginal. Abin da agogonta ya nuna take rubutawa, ko daidai ne ko kuskure. Sauƙin abin shi ne tazarar kuskuren ɗaya ce a duk hotunan, don haka ba sabon lokaci za a liƙa musu ba, matsar da su za a yi gaba ɗaya. Wanda ya sa wa hotuna duka lokaci guda ya rushe jerinsu da hannunsa.

Kada ka yi gaggawar saita agogon kyamarar, domin shi ne shaidarka. Fara ɗaukar hoton fuskar wayarka da ita. A ce wayar ta nuna 9:40, kyamara kuma ta rubuta 12:52 a wannan hoton. Ke nan ta yi gaba da awa uku da minti 12.

Manhajar da na fi yarda da ita a wannan aiki ita ce ExifTool, ta kyauta, wadda Phil Harvey ya fitar a 2003. Tara hotunan wannan kyamarar kaɗai a folda guda mai suna biki, sannan ka rubuta:

```
exiftool "-AllDates-=3:12" biki
```

Alamar ragi tana mayar da lokaci baya. Da kyamarar baya take, sai a sa `+=`. AllDates yana gyara gurabe uku tare: DateTimeOriginal, CreateDate da ModifyDate. Manhajar tana ajiye asalin kowane hoto da ƙarin `_original` a sunansa. Bar su har ka duba hoton wayar nan ka ga ya koma 9:40. Kada kuma ka maimaita umarnin, don zai sake rage wata awa uku da minti 12.

Inda abin ke rikicewa shi ne idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ya mutu, kyamara tana komawa 1 ga Janairu duk lokacin da aka cire babban batiri. A nan kowane rukunin hotuna da tasa tazarar, dole a raba su, a nemo wa kowanne hoton da aka tabbatar da lokacinsa. Hotunan da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto kuwa an riga an goge musu EXIF, sai a koma katin kyamara a ɗauko na asali.