Kyankyason Kicin: Abin Da Ya Sa Jel Ke Fin Feshi

Kyankyason da ya fi addabar kicin shi ne ƙaramin nan mai ruwan ƙasa, mai zane baƙi biyu a bayan kai, wanda masana ke kira kyankyason Jamus. Ba ya barin gida. A ciki yake ci, a ciki yake hayayyafa. Da rana yana maƙale a tsagar kabad ko bayan firji, sai dare ya yi ya fito kiwo. Waɗanda ake gani in an kunna fitila kaɗan ne daga cikin masu yawa.

Nan ne feshi ke gazawa. Maganin feshi yana kashe wanda ya taɓa, amma ba ya shiga can cikin tsaga. Kuma yawancin irinsa kora yake yi: da kyankyasai sun ji shi sai su watse, su koma wasu ɗakunan. Ga kuma ƙwai. Macen tana yawo da kwanso mai ƙwai 30 zuwa 40, wanda ke ƙyanƙyashewa cikin kamar wata guda, kuma kwanson yana kare su daga maganin. Shi ya sa ake samun sauƙi na 'yan kwanaki, sannan a wayi gari ƙanana sun cika kicin. Har wa yau, a wurare da dama wannan kyankyaso ya saba da magungunan feshi, ba sa yi masa illa kamar dā.

Jel kuwa abinci ne da aka cuɗa da guba 'yar kaɗan, kamar fifronil ko indoksakab, ana sayar da shi cikin sirinji. An tsara shi ne don kada ya yi kisa nan take. Kyankyaso zai ci, ya koma maɓoyarsa, ya yi kashi, ya mutu a can. 'Ya'yan da ba su fara fita kiwo ba kashin manya suke ci, wasu kuma su ci mushen ɗan'uwansu. Ta haka gubar ke isa ga waɗanda ba su taɓa ganin jel ɗin ba.

Amma duk wannan sai an sa shi inda ya dace. A ɗauki kicin mai firji ɗaya da kabad a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Da farko a haska tocila a nemi kashinsu, ɗigo-ɗigo baƙi kamar garin masoro. Inda ya taru, nan suke kwana. Galibi za a same shi a maƙalar ƙofar kabad, da kusurwoyin durowa, da inda famfo ya ratsa bango, da gefen injin firji inda ake samun ɗumi da laima. A kowane wuri a matso ɗigo ɗaya da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin ɗigo da ɗigo inda suka yi yawa. Ƙananan ɗigo ashirin a warwatse sun fi manyan curi uku amfani, domin kyankyaso ba ya nisa da maɓoyarsa, abin da ya fara tararwa shi yake ci. A cusa shi cikin tsaga da lungu, kada a sa a fili, ko kan tebur ɗin yanka kayan miya, ko inda hannun yaro zai kai.

Abu biyu ke ɓata aikin. Na farko shi ne haɗa jel da feshi ko fiya-fiya a wuri ɗaya: maganin zai gurɓata jel ɗin, kyankyaso ya ƙaurace masa. Na biyu shi ne barin wani abincin. In kwanukan tuwo sun kwana ba a wanke ba, ga maiƙo a jikin risho, jel ya samu kishiya. A wanke, a rufe shara, a gyara famfo mai yoyo.

Bayan mako guda a duba. Inda aka cinye, a ƙara. Inda ya bushe ya yi tauri ko ƙura ta rufe shi, abin da ke saurin faruwa da hunturu, a kankare a sa sabo. Ganin ƙanana a mako na uku ba alamar gazawa ba ce, ƙwan da ke nan tun farko ne ya ƙyanƙyashe, don haka a ci gaba har wata biyu. In kuwa kyankyasai na yawo amma ba sa taɓa ɗigon, a sauya wani jel mai haɗi dabam. Tun farkon shekarun 1990 aka gano wasu da ke ƙyamar sukarin gulukos da ake sa wa a ciki.

Babban kyankyaso ja mai fitowa daga masai da kwata lamarinsa dabam ne. Daga waje yake shigowa, don haka jel kaɗai ba zai wadatar ba, sai an rufe bakin masai, an liƙe tsagar sokawe, an sa raga a bakin magudanar ruwa.